Zanen jabu a kan tsohon ƙyalle

Idan aka haska zanen fenti da fitilar ultrabiyole cikin duhu, tsohon man sheƙi yakan yi kore-kore, inda aka yi gyara daga baya kuma ya fito baƙi-baƙi. Gyara dai ba zamba ba ne, shi ya sa masana ke juya zanen su duba ƙyallen da katakonsa.

Han van Meegeren, ɗan ƙasar Holand, ya san da haka. Ya sayi zanen ƙarni na 17, ya kankare fentin, ya zana nasa a kai, aka sayar da shi a matsayin aikin Vermeer a 1937. Bayan kama shi a 1945, madubin ƙara girma ya nuna cewa baƙin da ke cikin tsage-tsagen fentin tawada ce ya shafa, ba dattin shekaru ba.