Sakaya Suna a Gidan Bahaushe: Wa Ake Ɓoye Wa Suna, Kuma Me Ake Kiransa?

A gidajen Hausawa da yawa, yaro yakan kai shekara goma bai san sunan yankan mahaifiyarsa ba. Ya san Inna, ko Umma, ko Mama, kuma ya ji maƙwabta suna cewa Maman wance. Sai ran da aka tambaye shi a makaranta, ko aka ba shi takarda ya cike, sannan ya dawo gida yana tambaya, uwar kuma ta tura shi wurin wani ya faɗa masa. Wannan al'ada ta sakaya suna tana da tsari da dokoki, duk da ba a rubuce suke ba. Wanda ya san dokokin, daga jin yadda ake kiran mutane a gida zai iya gane waye babba, wa ke kunyar wa, kuma sunan wa aka mayar.

Mutanen da ake kauce wa sunansu sanannu ne. Ɗa ba ya kiran sunan iyayensa, ko yayyensu da ƙannensu, sai dai Baba, Inna, Baffa, Kawu, Goggo. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Maigida, ko Malam, ko Alhaji, wani lokaci ma ta tsaya a kan "shi", kowa kuma ya gane wanda take nufi. Miji da mata duka ba sa kama sunan surukansu. Almajiri ba ya kama sunan malaminsa, talaka kuma yakan kira mai sarauta da sarautarsa. Sannan akwai ɗan fari, wanda iyaye, musamman uwa, ke jin nauyin ambaton sunansa, har ma da yi masa wasa a gaban mutane. Wannan kunya ta fi ƙarfi a gidajen Fulani da waɗanda suka cuɗanya da su, amma daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata dattijuwa Bahaushiya da ta yi zama a ƙasar Zazzau, an nuna yadda uwa ke kunyar ɗanta na fari, da yadda ake yawan ba da yara riƙo ga dangi.

Dokar ba ta hau kan kowa ba. Matar wa tana wasa da ƙanin mijinta, tana kiran sunansa kai tsaye, amma yayan miji kamar suruki yake, sai dai ta ce Yaya. Kaka da jika abokan wasa ne, shi ya sa za ka ji tsohuwa tana kiran jikanta "mijina", jikarta mace kuma "kishiyata". Wato iyakar a bayyane take: inda akwai nauyi a sakaya, inda akwai wasa a saki baki.

Inda al'adar ta fi nuna gwanintarta shi ne ranar suna. Mu ɗauki misali. A ce magidanci ya samu ɗa namiji, ran kwana bakwai aka raɗa masa suna Ibrahim, wato an yi wa kakan yaron na wajen uba takwara. Da safe liman ya faɗi sunan a gaban jama'a, an yanka rago, an raba goro. Amma daga wannan sa'a matsala ta shigo cikin gida. Uban yaro ba zai iya cewa Ibrahim ba, domin sunan mahaifinsa ne. Uwar yaro ba za ta iya ba, domin sunan surukinta ne. Kakar yaro ma ba za ta iya ba, domin sunan mijinta ne. Mutum uku da suka fi kowa kusa da jaririn, babu mai iya kiransa. Saboda haka, kafin taron mata na yamma ya watse, an riga an samo masa lakabi.

Hanyoyin samo lakabin iri biyu ne. Ta farko ita ce a kira yaron da matsayin mai sunan: Abba, Baba, Babangida, Abbati, ko Baffa. Idan mace ce ta ci sunan kakarta, sai a ce Ummi, Mama, Uwani, Iya ko Hajiya. Hanya ta biyu ita ce a ɗauko alkunyar da ta daɗe tana tafiya da sunan. Ibrahim yakan zama Halilu, Abubakar ya zama Garba ko Sadiku, Umaru ya zama Sanda ko Faruku, Aliyu ya zama Haidar, Yusufu ya zama Maitama, Usman kuma ya zama Shehu, saboda darajar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, wanda duniya ta sani da Shehu Shagari, Usman ne sunansa na yanka. A ɓangaren mata, A'isha takan zama Indo ko Humaira, Hadiza ta zama Kubura, Hauwa'u ta zama Jidda ko Kulu, Fatima ta zama Zara'u ko Binta. Yaron namu na misali, a ce an tsaya a kan Abba. Da wannan suna zai tashi, da shi abokai za su san shi, kuma duk wanda ya ji zai fahimci cewa sunan wani babba ne a bayansa.

Daga nan sai kiran iyaye da sunan ɗansu ya biyo baya. Uwar da a da ake kira Amarya yanzu ta zama Maman Abba, mijinta kuma Baban Abba. Wannan yana warware matsaloli da dama a lokaci guda. Matar ta samu abin da za ta kira mijinta da shi a gaban mutane ba tare da ta kama sunansa ba. Maƙwabta da ƙannen miji sun samu hanyar girmama ta ba tare da sun tsofar da ita ba. Ita kanta kuma an shaida mata cewa ta hau wani sabon mataki a gidan. A lura da cewa lakabin ne ya sa abin ya yiwu, domin da za a ce Baban Ibrahim, da an koma gidan jiya. A gidajen da kunyar ɗan fari take da ƙarfi, uwa takan tsallake na farin gaba ɗaya, ta kira mijinta da sunan ɗa na biyu, ko na wani yaro da suke riƙo. Irin wannan kira ya fi yawa a birane da gidajen haya, inda matan aure daga garuruwa daban-daban ke zaune tsakar gida ɗaya. Mace takan shekara da maƙwabciyarta, suna aron turmi da tukunya, ba ta san sunanta na yanka ba.

Addini ya ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi. Larabawa suna da alkunya ta Abu wane da Ummu wane, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana yi masa alkunya da Abul Ƙasim. Nana A'isha ba ta haihu ba, amma an yi mata alkunya da Ummu Abdillahi, da sunan ɗan 'yar'uwarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. A nan akwai darasi ga gidajenmu. Inda ake kiran kowace mace Maman wane, wadda Allah bai ba haihuwa ba takan zama ita kaɗai ake kira da sunanta gatsal, ko a bar ta a Amarya har furfura ta fito mata. Wannan yana da ciwo, kuma maganinsa a hannunmu yake: a kira ta da sunan ɗan riƙonta, ko ɗan 'yar'uwarta, ko a ba ta sunan girma irin Umma ko Hajiya tun da wuri. Sai dai a sani, shari'a ba ta haramta wa mace ambaton sunan mijinta ba. Ladabi ne na al'ada, mai kyau, amma wadda larura ta sa ta faɗa ba ta yi zunubi ba. Haka kuma ba a tsallake sunan Musa ko Yusufu a karatun Alƙur'ani don ya dace da sunan miji ko suruki.

Wurin da al'adar ke jawo wahala a yau shi ne takardu. Mu koma ga Abba. Ran da za a sa shi firamare, wata goggonsa ce ta raka shi, malami ya tambayi suna, ta ce Abba, aka rubuta. Takardar haihuwarsa kuwa Ibrahim take ɗauke da shi. Ya gama sakandare da sakamakon jarrabawa mai sunan Abba, ya yi katin ɗan ƙasa da Ibrahim, ya buɗe asusun banki da wani haɗin daban. Ran da zai nemi gurbin jami'a ko fasfo, sai a ce sunaye ba su dace ba, a tura shi kotu ya yi rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Irin haka kan faru a asibiti, inda mace za ta kai mijinta ba ya cikin hayyacinsa, ma'aikaci ya tambayi suna, ta sunkuyar da kai tana neman wanda zai faɗa a madadinta. Akwai kuma asara mai zuwa a hankali: jikoki da yawa ba su san sunan kakanninsu ba, sai Malam da Hajiya, alhali ana bukatar sunayen wajen rabon gado, da takardun gona, da sanin dangantaka.

Gyaran ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar a yar da al'adar. Tun ranar suna, a rubuta sunan yanka yadda za a riƙa rubuta shi har abada, a yi wa yaro rajistar haihuwa da shi, kuma duk wanda zai kai shi makaranta ko asibiti ya tafi da takardar a hannu. Idan iyaye suna son lakabin ya shiga takarda, su sa shi tun farko a matsayin suna na tsakiya, kada ya riƙa sauyawa daga ofis zuwa ofis. Matar da ke jin nauyin furta sunan mijinta ta riƙe shi a rubuce, ko ta ajiye hoton katinsa a waya. Sannan a samu wani a dangi, kamar baffa ko goggo, ya zaunar da yara ya faɗa musu sunayen iyaye da kakanni, ya kuma bayyana musu sunan wa kowannensu ya ci.

Ga matasan ma'aurata masu kiran juna da suna ko da sunayen soyayya, babu laifi a tsakaninsu. Amma a gaban surukai da 'ya'ya, sakayawa ta fi, domin yaro abin da ya ji a bakin uwarsa shi yake maimaitawa. Ya kamata iyaye su koya wa 'ya'yansu abu biyu tare: su san sunan manyansu sarai, su kuma san cewa ba a kiransu da shi.