Takardar Neman Biya: Don Akanta Ake Rubuta Ta

A kamfani ko ƙungiya, wanda ya ba ka aiki ba shi ke biyanka ba. Mai biya akanta ne a ofishin kuɗi, wanda bai taɓa ganinka ba, takarda kawai ya sani. Yawancin jinkirin da masu aikin kansu ke kuka da shi daga nan yake farawa.

A ce mai ɗaukar hoto a Kaduna ya yi wa wani kamfani aikin taron kwana biyu a kan naira 400,000. Idan ya tura saƙon waya cewa "ga lambar asusuna", akanta ba shi da abin da zai sa a fayil. Takardar da za ta wuce sai ta ɗauki lambarta, da kwanan wata, da cikakken sunan kamfanin, da bayanin aikin dalla-dalla: ranakun taro, wuri, adadin hotunan da aka miƙa. In an ba da LPO, lambarsa ta fito a sama, domin da ita akanta zai haɗa takardarka da izinin kashe kuɗin. A sa lambar haraji ta TIN. Sunan asusun banki kuwa ya dace da sunan da ke kan takardar. Asusun ƙane ko na mata yakan sa a ajiye ta gefe ba tare da an gaya maka ba.

Kada a rubuta "a biya da wuri". A rubuta ranar biya, misali kwana 14 ko 30 daga ranar miƙawa, yadda aka yi yarjejeniya tun farko.

Wani abin da ke jawo rigima a banza shi ne ganin 380,000 maimakon 400,000. Sau da yawa ba zamba ba ce, harajin da ake cirewa tun daga tushe ne. Ka nemi shaidar cirewar, za ta rage maka harajin shekara.

In rana ta wuce shiru, kunya ba ta da amfani, zafi ma haka. Washegari ka rubuta: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tuni kan takarda mai lamba 014, ta naira 400,000, wadda wa'adinta ya cika jiya. Ko akwai abin da ya rage daga wajena?" Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mai aiki, don tana ba mutum damar faɗin inda takardar ta maƙale ba tare da ya ji an tuhume shi ba. Bayan mako guda ka kira ofishin kuɗi, ka nemi takamaimiyar rana, sannan ka tabbatar da ita a rubuce. "In sha Allahu wannan satin" fata ne. Tambayi ko Laraba ko Alhamis.

Idan wannan ranar ma ta wuce, ka dakatar da sabon aiki, ka aika wasiƙar neman haƙƙi mai wa'adi. Jihohi irin su Kano da Legas suna da kotun ƙananan basussuka, kuma wannan wasiƙar ce matakin farko kafin shigar da ƙara.