Daidaita Launin Kayan Makaranta a Hoton Aji

Launin kayan makaranta ba kasafai yake fitowa a hoton aji yadda yake a kan sabon yadi ba. Dalili na farko shi ne haske. Inuwar bishiya tana sa hoto ya karkata zuwa shuɗi, ranar la'asar tana ƙara masa rawaya, wasu fitilun cikin aji kuma suna jefa masa kore-kore. Dalili na biyu yadin ne da kansa. Rigar da ta sha wanki da rana tana koɗewa, kuma yadin da iyaye suka sayo a lokuta daban-daban, ko da a kasuwa ɗaya ne kamar Kantin Kwari a Kano, ba lalle ne rininsa ya zo ɗaya ba. Idan makaranta za ta sa hoton a kalanda ko mujallar yaye ɗalibai, sai a nemi mai gyaran hoto ya mayar da kayan zuwa launin da aka san ta da shi.

Aikin yana farawa da sanin ainihin launin da ake nufi. Cewa "kore mai duhu" bai isa ba, domin korayen da suka amsa wannan suna suna da yawa. Kwamfuta da lamba take gane launi: adadin ja, da kore, da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Makarantar da aka zana mata tambari a kwamfuta takan samu lambar a wurin wanda ya zana. In babu, sai a ɗauki hoton sabon ƙyallen yadin tare da farar takarda a hasken rana mai laushi, a daidaita farin takardar, sannan a karanta lambar ƙyallen. A misalin da za a bi a nan, a ɗauka launin makarantar shi ne #1B5E20, wato ja 27, kore 94, shuɗi 32, kuma an ɗauki hoton ne a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, 'yan mata sanye da korayen riguna da fararen hijabai.

Kafin a taɓa riga ko ɗaya, ana gyara hasken hoton gaba ɗaya. A manhajar Photoshop ana buɗe Curves, a ɗauki ma'aunin tsakiya daga cikin ukun da ke wurin, a danna shi a kan abin da aka tabbata fari ne ko toka-toka. A ce wurin ya nuna ja 214, kore 226, shuɗi 240. Rinjayen shuɗi shaida ce ta inuwa, kuma bayan an danna, lambobin uku za su kusanci juna. Hijabi ba kullum ya dace da wannan awo ba, saboda wanda aka sa wa bula yana da nasa shuɗin, kuma idan aka dogara da shi sai hoton duka ya koma rawaya. Shi ya sa wasu masu hoto sukan sa ɗalibi guda ya riƙe farar takarda a ɗaukar farko. Wannan mataki shi kaɗai yakan rage bambancin sosai, ya kuma gyara launin fuskoki. Wanda ya tsallake shi zai ƙare da riguna masu kyau a jikin yara masu fatar da ta yi toka-toka.

Daga nan sai ware rigunan daga sauran hoton, kuma nan ne mafi yawan lokacin yake tafiya. Ana shiga Select > Color Range, a danna kan riga, a riƙe Shift a ƙara dannawa a wurin da haske ya doka da wurin da ya yi duhu. Fuzziness shi ke faɗaɗa ko taƙaita abin da za a kama. Matsalar wannan hoto ita ce ganyen darbejiya ma kore ne, don haka zai shigo cikin zaɓin. Sai an bi abin rufin da ake kira Layer Mask da burushi: inda aka shafa baƙi gyaran ba zai taɓa shi ba, inda yake fari zai taɓa. Ana cire ganyaye, da bajon ƙirji, da maɓallai, da yatsun da suka kwanta a kan cinya. Ana kuma sassauta bakin zaɓin da Feather na ɗigo 1 ko 2, don kada gefen rigar ya fito kamar an yanke shi da almakashi.

Sauya launin kansa bai da tsawo. Da zaɓin yana nan, ana shiga Layer > New Fill Layer > Solid Color, a rubuta 1B5E20. Da farko rigunan za su koma kore bai ɗaya, ba ninki ba inuwa. Sai a sauya yanayin haɗawa daga Normal zuwa Color. Wannan yanayi yana ɗaukar launi daga sabon fallen, amma yana barin haske da duhun hoton asali, shi ya sa ninkin yadi da layin guga suke dawowa. A manhajar GIMP, wadda kyauta ce, LCh Color ne yake yin irin wannan aiki.

Wannan fa'ida ita ce kuma iyakar hanyar. Tunda Color bai taɓa haske, rigar da ta koɗe za ta samu koren da ya dace amma ta ci gaba da yin fari-fari. Maganinsa shi ne a ƙara wani Curves mai amfani da abin rufi iri ɗaya, a ja tsakiyar layin ƙasa a hankali. Ana auna sakamakon a wuri guda, kamar ƙirjin rigar da ke fuskantar kyamara, inda babu ƙyalli kuma babu inuwa, da ma'aunin da aka saita a 11 by 11 Average don kada zare ɗaya ya ruɗi awon. A nan kaɗai ake son lambobi su kusanci 27, 94, 32. Kafaɗa dole ta fi haka haske, ƙarƙashin hannu kuma ya fi haka duhu. Idan koɗewar ta bambanta ƙwarai, yaran da rigunansu suka fi tsufa sukan buƙaci nasu gyaran daban.

Kuskure yana bayyana idan aka zuƙo hoton zuwa 100%. Siririn layin tsohon launi a gefen hannu yana nuna zaɓin bai kai baki ba. Kore a wuyan hannu ko a bakin hijabi yana nuna ya wuce gona da iri. Rigar da ta yi shar fiye da komai a hoton tana nuna launin ya yi ƙarfi, sai a rage Opacity zuwa wajen 80 ko 90. Ƙananan giɓi tsakanin ɗalibai biyu a layin baya su ne aka fi mantawa da su.

Mataki na ƙarshe shi ne bugu. Allon kwamfuta yana fitar da haske, takarda kuwa tawada take sha, don haka kore mai duhu yakan ƙara duhu idan an buga. Ana fitar da hoton a tsarin sRGB idan wanke shi za a yi a ɗakin hoto, maɗaba'ar kalanda kuma takan nemi CMYK. A kowane hali ana buga gwaji ɗaya, a ajiye shi kusa da ƙyallen yadin a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Ana adana aikin a matsayin PSD ko XCF domin fallayen su kasance a rarrabe idan makaranta ta nemi ƙarin gyara, kuma ana ajiye hoton asali ba tare da an taɓa shi ba, domin shi ne shaidar yadda ajin yake a ranar da aka ɗauka.