Takarda Ɗaya, Hanya Uku: Warware Lissafin Kwadiratik Mataki-Mataki

Wani mutum yana da fili, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girman filin gaba ɗaya kuwa murabba'in mita 84 ne. Nawa ne faɗin? Wannan ita ce tambayar farko a takardar aikin gida da ke gabana, irin wadda ake ba 'yan babbar sakandare masu shirin WAEC da NECO. Idan muka kira faɗin x, tsawon ya zama x + 5, girman kuma faɗi sau tsawo:

x(x + 5) = 84
x² + 5x − 84 = 0

Duk lissafin da x sau x ya fito a cikinsa, kuma babu abin da ya haura hakan, shi ake kira kwadiratik. Siffarsa ita ce ax² + bx + c = 0, inda a, b da c lambobi ne, a kuma ba sifili ba ce. Hanyoyin warware shi uku ne, takardar ta nemi a gwada kowace.

Ta farko ita ce tsaga lissafin gida biyu, abin da malamai ke cewa neman fakto. A nemo lambobi biyu waɗanda idan aka ninka su za su ba da −84, idan aka tara su kuma su ba da 5. Tunda sakamakon ninkawar yana da alamar debewa, dole ɗaya daga cikinsu ta ɗauki wannan alama. A gwada 14 da 6, tazararsu 8 ce, ba su yi ba. A gwada 12 da 7, tazararsu 5 ce daidai.

(x + 12)(x − 7) = 0
x + 12 = 0 ko x − 7 = 0
x = −12 ko x = 7

Dalilin wannan mataki yana da sauƙi: abu biyu ba sa ninkuwa su ba da sifili sai ɗayansu sifili ne. Shi ya sa tilas a kwaso komai zuwa gefe guda, a bar sifili a ɗaya gefen. Ɗalibin da ya tsaya a x(x + 5) = 84 ya ce x ita ce 84, ya ari hukuncin da sifili kaɗai ke da shi. Amsoshin biyu ne, amma fili ba ya da faɗin −12, don haka faɗin mita 7 ne, tsawon mita 12, kuma 7 sau 12 ya dawo mana da 84.

Akwai wani tarko kusa da nan. Idan aka ba ka x² = 5x, hannu zai yi saurin raba kowane gefe da x a sami 5. An yi asarar amsa ɗaya ke nan. Daidai shi ne x(x − 5) = 0, wato x = 0 ko x = 5.

Tambaya ta biyu ita ce x² + 10x = 39, aka ce a bi hanyar cike murabba'i. Wannan tambaya ta girmi duk wanda zai karanta shafin nan da fiye da shekara dubu. Tana cikin littafin da Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, littafin da daga kalmar aljabar ta sunansa aka samo sunan aljabara. Shi da zane ya kafa hujjarsa, kuma a ganina har yau zanen ya fi kowane bayani shiga kai. Ka ɗauka x² ɗaki ne mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe x. Ka raba 10x biyu, ka jingina 5x a gefen gabas, ka jingina 5x a gefen kudu. Za ka ga wani lungu ya rage a kusurwa, faɗinsa 5, tsawonsa 5. Cike wannan lungu da 25 shi ne cike murabba'in. Abin da ka ƙara a hagu kuwa, sai ka ƙara shi a dama.

x² + 10x + 25 = 39 + 25
(x + 5)² = 64
x + 5 = 8 ko x + 5 = −8
x = 3 ko x = −13

Al-Khawarizmi ya tsaya a 3, domin a lissafinsa ba a karɓar amsar da ta gaza sifili. Mai duba takardar yau yana son duka biyun, kuma mafi yawan makin da ake zubarwa a wannan hanya a nan yake zuba: a manta cewa −8 sau −8 ma 64 ne. Ƙa'idar dai ita ce rabin lambar da ke tare da x, a ninka shi da kansa. Idan akwai wata lamba a gaban x², sai an fara raba duk lissafin da ita tukuna.

Amfanin wannan hanya yana fitowa ne inda neman fakto ya cije. Duba x² + 6x + 4 = 0. Ko za ka kwana kana nema, babu cikakkun lambobi biyu da ninkinsu 4 ne, jimlarsu 6. Amma rabin 6 shi ne 3, kuma 3 sau 3 tara ne:

x² + 6x + 9 = −4 + 9
(x + 3)² = 5
x = −3 ± √5
x ≈ −0.76 ko x ≈ −5.24

Fomular da ɗalibai ke haddacewa kamar karatun allo ba daga sama ta faɗo ba. Cike murabba'in nan ne aka yi wa ax² + bx + c = 0 sau ɗaya, da haruffa maimakon lambobi, aka adana sakamakon:

x = [−b ± √(b² − 4ac)] / 2a

Tambaya ta ƙarshe a takardar ita ce 2x² − 3x − 4 = 0. Kafin komai, a rubuta lambobin uku tare da alamominsu: a = 2, b = −3, c = −4. Ina matsa wa ɗalibai a kan wannan layi, domin wanda ya tsallake shi yawanci a alama yake faɗuwa. Sai a lissafa abin da ke ƙarƙashin alamar √ shi kaɗai:

b² − 4ac = (−3)² − 4(2)(−4) = 9 + 32 = 41
x = (3 ± √41) / 4
x = (3 + 6.403) / 4 ≈ 2.35
x = (3 − 6.403) / 4 ≈ −0.85

Wurare uku ne ake tuntuɓe. Tunda b ita ce −3, to −b ta zama 3. Idan ka danna −3² a kalkuleta ba tare da baka ba, −9 za ta ba ka, sai 41 ta koma 23. Sannan 4 ɗin da ke ƙasa tana raba duk abin da ke sama ne, har da 3 ɗin.

Wannan b² − 4ac ita ya kamata a fara dubawa idan ba a ce ga hanyar da za a bi ba. A tambayar fili ta ba da 25 + 336 = 361, wato 19 sau 19, alamar cewa fakto zai yi aiki. A nan ta ba da 41, wadda ba ninkin wata cikakkiyar lamba da kanta ba ce, don haka neman fakto ɓata lokaci ne. Idan ta ba da sifili, amsa ɗaya ce ta maimaita kanta. Idan ta gaza sifili, kamar −16 da x² + 2x + 5 = 0 ke bayarwa, babu amsa a cikin lambobin da muke awo da su, kuma abin da za a rubuta ke nan.

Saura tabbatarwa, wadda ba ta cin minti ɗaya. Jimlar amsoshi biyun dole ta zama −b/a, ninkinsu kuma c/a. A tambayar ƙarshe ana sa ran jimla 1.5 da ninki −2. Tara 2.35 da −0.85, ka sami 1.5. Ninka su, ka sami −1.9975, ɗan giɓin kuwa daga taƙaita √41 ya fito. Da an bi 23 ɗin nan ta kuskure, amsoshin za su zama 1.95 da −0.45: jimlar za ta yi daidai, amma ninkin zai tsaya a kusan −0.88, nesa da −2.