Naira Hamsin Ta Banki Ba Ta Buga Wa Takardar Gidanka Kan Sarki Ba

Tun da sabuwar dokar haraji ta Nijeriya ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, maganar harajin kan sarki ta dawo bakin mutane. Dalili kuwa shi ne Naira 50 ta kan sarki da banki ke cirewa idan an tura Naira 10,000 ko fiye, wadda a da mai karɓa ke biya, yanzu ta koma kan mai turawa. An yi ta ƙorafi a kanta, kuma ba zan hana kowa ƙorafi ba. Abin da ya dame ni shi ne wata fahimta da ta biyo baya a majalisun dillalan filaye: wai wanda ya biya kuɗin gida ta banki, aka cire masa hamsin ɗin nan, ya gama da harajin kan sarki.

Bai gama ba. Wannan haraji a kan takarda yake hawa, kowace takarda da nata. Hamsin ɗin ta shaidar tura kuɗi ce kawai. Takardar da ta fitar da gida daga hannun mai sayarwa zuwa hannun mai saye wata aba ce daban, kuma harajinta ba tsayayyen kuɗi ba ne, yana bin darajar gidan. Ƙimar da aka sani a matakin tarayya kashi 1.5 cikin ɗari ce. Idan akwai kamfani a cinikin, hukumar haraji ta tarayya ke karɓa. Idan tsakanin mutum da mutum ne, hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ke karɓa, kuma kowace jiha da jadawalinta, don haka a can ake tambayar ƙimar, ba a bakin dillali ba.

Mu ɗauki misali. Mutum ya sayi gida Naira miliyan 20 a hannun kamfanin gine-gine. Harajin kan sarki ya kama Naira 300,000, kuma mai saye ne ke ɗaukarsa. Doka ta ba shi kwana 30 daga ranar da aka sa hannu. Wannan kuɗi ban da la'adar dillali, ban da na lauya, ban da kuɗin amincewar gwamna da na rajista. Shi ya sa wanda ya tara miliyan 20 cif ya shiga ciniki yakan wayi gari ga mukulli a hannu, ga takarda ba hatimi, sai ya ce in ya samu sarari zai je. Sararin nan sau da yawa ba ya zuwa har rai ya yi halinsa, a bar wa magada aikin.

Me ake asara idan ba a buga ba? A ranar ciniki, ba komai. Mai saye zai tare, ya yi fenti, ya zuba 'yan haya. Matsalar tana jiran ranar da wani zai fito ya ce gidan nasa ne, ko na mahaifinsa. A shari'ar da ba ta laifi ba, babbar kotu ba ta karɓar takardar da ya kamata a buga mata kan sarki ba a buga ba, sai an je an biya harajin tare da tarar jinkiri. Ofishin rajistar filaye ma ba zai yi mata rajista ba, banki kuma ba zai riƙe ta jingina ya ba da rance ba. In an tashi sayarwa, mai saye mai lauya zai ga giɓin, ya rage farashi ko ya janye.

A yawancin unguwanninmu ana rubuta takardar ciniki ne a gaban mai unguwa ko dagaci, shaidu su sa hannu, a buga hatimi. Wannan abu ne mai amfani ƙwarai, domin mai unguwa ya san tarihin filin da iyakokinsa fiye da duk wani ma'aikaci. Amma hatiminsa ba shi ne kan sarkin da doka ke nufi ba, kuma tukuicin da aka ba shi bai shiga asusun gwamnati ba.

Akwai kuskure na biyu, wanda masu ilimi ma ke faɗawa: ɗaukar cewa da zarar hukuma ta buga wa takarda kan sarki, gida ya tabbata na mai saye. Wanda ya sayi saniyar sata a kara ya biya kuɗin shiga, rasit ɗinsa na gaskiya ne, amma ranar da mai ita ya zo da shaidu zai kora abarsa. Ma'aikacin haraji ba ya binciken ko mai sayarwa ne ainihin mai gidan, ko an riga an sayar wa wani, ko gidan gado ne da sauran magada ba su yarda ba. Aikinsa ya duba darajar gida ya karɓi kaso. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin da ke da takardar shaidar mallaka ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Saboda haka bincike a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, shi ke gaba da biyan kuɗi, sannan amincewar gwamna da kan sarki da rajista.

Sai dabarar da ta fi kowace yaɗuwa, wato rage farashi a takarda. A gidan can na miliyan 20, sai a rubuta miliyan 12, haraji ya sauko Naira 180,000. An tsira da Naira 120,000 ke nan, in har hukuma ba ta turo nata mai ƙiyasi ba, domin tana da ikon yin hakan. To amma a ce bayan shekara biyu kotu ta rushe cinikin, mai saye ya nemi kuɗinsa. Takardar da shi da kansa ya sa wa hannu ta ce miliyan 12 ya bayar. Sauran miliyan 8 sai ya kafa hujja a kansu, kuma kafa hujjar na nufin ya faɗa wa alƙali cewa ya yi wa hukuma ƙarya. Mai sayarwa da dillali, waɗanda galibi su ke kawo shawarar, ba abin da ya ci su.

Hukumomi ma suna da nasu kason laifin. A 2020 hukumar haraji ta tarayya ta fitar da sanarwa, aka fahimci kashi 6 za a ɗora wa kowane ɗan haya. Sai da hankali ya tashi sannan aka yi bayani cewa kashi 6 na hayar da ta haura shekara 21 ce, hayar shekara-shekara kuwa a lokacin kashi 0.78 ne, wato Naira 3,900 a hayar Naira 500,000. Da an fara da wannan bayani da ba a firgita kowa ba. Mutumin da bai san nawa zai biya ba, ko a wane ofis, dole ya faɗa hannun 'yan kamasho. Ya kamata kowace jiha ta buga jadawalinta da Hausa, ta manna a ofisoshin filaye da ƙofar masu unguwanni.

Kai kuma mai shirin saye, kafin ka ce "na saya", je hukumar haraji ta jiharka ka ji adadin, ka ware shi cikin kuɗin gidan, ka rubuta farashin gaskiya, kuma ka biya ta asusun gwamnati ka riƙe rasit ɗinka.