Yadda Ake Raya Hira a Wasan Kwaikwayo

A ce marubuci ya sa uwa ta ce wa ɗanta: “Ya kai ɗana Musa, haƙiƙa ina cike da baƙin ciki bisa rashin dawowarka gida da wuri.” Wace uwa ce ke magana haka? Wannan Hausar takarda ce.

A soke “haƙiƙa” da “bisa”. A cire sunan ma, domin in ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta kira shi ba. Baƙin cikin kuwa, ba sai ta faɗa ba, a muryarta za a ji shi: “Kai, sai yanzu? Tuwon ma ya huce.”

Kafin a kai rubutun dandali, marubuci ya karanta shi da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sarƙe, ya yanke wurin.