Wasiƙar neman sauyi daga aikin dare zuwa na rana

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikaci aikin rana don yana jinyar wani a gida ba. Saboda haka wasiƙar neman sauyi roƙo ce, kuma wanda ake roƙa abu guda ne a ransa: wa zai toshe gurbin daren? Wasiƙar da ta amsa masa wannan tambaya ita ta fi samun shiga.

A ɗauki misalin ma'aikacin wata masana'anta a Sharaɗa, Kano, wanda mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙanwarsa na kula da ita da rana, amma bayan magariba takan koma gidan mijinta, ga shi mai irin wannan larura sai ana juya ta kamar duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Wannan bayani kaɗai ya wadatar a matsayin dalili. Jimla biyu ko uku sun isa, sai ya haɗa da takardar likita. Ba sai ya zayyana sirrin gidansu ba.

Daga nan sai ya faɗi abin da yake nema dalla-dalla: ranar da yake son sauyin ya fara da tsawon lokacinsa. Zai iya rubuta: "Ina roƙon a mayar da ni aikin rana na wata uku daga farkon watan gobe, bayan haka a sake duba lamarin." Sa wa'adi yana sauƙaƙa amincewa, domin shugaba ya san ba har abada ba ne. Idan akwai abokin aikin da ya yarda su yi musaya, ya ambace shi, shi ma ya sa hannu. In babu, ya nuna a shirye yake ya karɓi aikin Asabar da Lahadi.

Wasiƙar takan bi ta hannun shugaban sashe kafin ta isa ofishin kula da ma'aikata, kuma gara a miƙa ta tun ba a fitar da jadawalin wata mai zuwa ba. Ya riƙe kwafi ɗaya mai hatimin karɓa da kwanan wata. Ya kuma tambaya ko alawus ɗin dare zai fita daga albashinsa, don kada ƙarshen wata ya zo masa da ba-zata.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne dogaro da "ba komai, je ka" na baki. Wanda ya daina zuwa aikin dare kafin amsa ta fito a rubuce, fashin aiki za a rubuta masa, takardar tuhuma ta biyo baya. Don haka, ɗan'uwa, ci gaba da aikinka har sai ka ga sunanka a sabon jadawali.